Amsar Dillalin Inshora ga Mai Neman Diyya da Ransa Ya Ɓaci

Saƙon da ya fi wahalar amsawa a aikin dillancin inshora shi ne wanda ke shigowa wayar mutum bayan sallar isha'i, saƙon murya mai tsawon minti huɗu ko biyar, daga mutumin da gobara ta cinye masa dukiya kuma ya ga takardar kamfani ta ce ba za a biya shi abin da yake sa rai ba. A cikin irin wannan saƙo za ka ji an kira ka maci amana, za ka ji an ce kai da kamfani bakinku ɗaya, kuma sau da yawa za a rufe da cewa gobe za a kai maganar gaban hukuma. Abin da dillali ya faɗa ko ya rubuta a sa'o'i ashirin da huɗu na farko yakan yanke yadda sauran rigimar za ta kasance, domin duk kalmar da ta fita daga bakinsa ana iya ajiye ta a dawo masa da ita.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe, kuma na zaɓi alƙaluman ne don lissafin ya fito fili. Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya yi wa kayan shagonsa inshorar gobara ta naira miliyan 20. Gobara ta tashi ana gab da azumi, lokacin da ya cika shago da kayan sallah, ta lalata kaya na miliyan 16. Kamfani ya turo mai ƙiyasta asara, wanda ya rubuta cewa a ranar gobarar Alhaji yana da kaya na miliyan 32, saboda haka inshorarsa ba ta kai darajar kayansa ba. Kamfani ya yi tayin biyan miliyan 9 da dubu 500. Alhaji kuwa abin da ya sani shi ne ya yi inshorar miliyan 20, ya yi asarar miliyan 16, don haka a ganinsa an danne masa miliyan 6 da rabi da rana tsaka.

Kafin a zo kan yadda za a amsa masa, dole dillali ya tuna inda yake tsaye. Dillali wakilin mai inshora ne, shi ya nema masa kamfani, shi ya kamata ya bi masa haƙƙinsa, ko da yake ladansa daga hannun kamfani yake fitowa. Ba shi ne ke yanke hukuncin biya ko ƙin biya ba. Yawancin amsoshin da ke lalacewa daga nan suke lalacewa: wani dillalin, saboda zafin zagi, sai ya koma kare kamfani kamar shi ne kakakinsa, wani kuma saboda tsoron rasa ciniki sai ya bi Alhaji suna zagin kamfani tare, yana yi masa alkawarin abin da ba ya hannunsa. Natsuwar da ake nema ita ce ta mutumin da ya san iyakar ikonsa, ya faɗi abin da ya tabbata, ya nuna abin da ake jayayya a kai, ya ce ga abin da zai yi da ranar da zai yi shi.

A daren da saƙon ya zo

Kada ka amsa gundarin maganar a wannan dare, kuma kada ka yi shiru. Shiru a wajen mutumin da ke zargin an haɗa baki da kai tabbaci ne na zarginsa, musamman idan wayarsa ta nuna masa ka saurari saƙon. Amsa da zafi-zafi kuwa takan fito ne da muryar kare kai, ko da ka yi ƙoƙarin tausasa ta. Abin da ya dace shi ne gajeren saƙo a rubuce, wanda ba ya ɗauke da hujja ko musu, kamar haka:

"Assalamu alaikum Alhaji. Na saurari saƙonka daga farko har ƙarshe, kuma na fahimci tayin da kamfani ya yi ya yi nisa da abin da kake sa rai. Gobe da safe zan zauna da takardar yarjejeniyarka da rahoton mai ƙiyasta asara in bi su layi-layi, sannan in kira ka da ƙarfe biyu na rana in shaa Allah. Ina roƙon kada ka sa hannu a kan kowace takarda kafin mu yi magana."

Wannan saƙo bai ce kamfani ya yi daidai ba, bai ce ya yi kuskure ba, bai kuma taɓa zagin da aka yi maka ba. Ya ba da lokaci takamaimai, kuma ya ba Alhaji shawara guda mai amfani wadda ke nuna masa cewa har yanzu kana gefensa. Ka guji mayar da saƙon murya da saƙon murya a wannan mataki, domin murya tana fallasa ɓacin rai ko da kalmomin suna da kyau, kuma ba ka da damar sake karanta ta ka gyara kafin ka tura.

Ware ƙorafi daga cikin faɗa

Da safe ka sake sauraron saƙon da takarda da biro a hannu, ka rubuta abin da mutumin yake neman sani kawai, ka bar sauran ya wuce. Idan ka yi haka za ka ga minti biyar na faɗa sun koma tambayoyi uku ko huɗu. A misalinmu su ne: me ya sa aka rage kuɗin, me ya sa ba a gaya masa wannan sharaɗi tun farko ba, daga ina aka samo miliyan 32, kuma yaushe zai ga kuɗi domin masu ba shi kaya bashi sun fara kira. Wannan ta ƙarshe sau da yawa ita ce ainihin abin da ke cinsa, ko da a ƙarshen saƙo ya ambace ta a gurguje. Ɗan kasuwar da ke karɓar kaya a kan amana mutuncinsa a wajen masu kaya ya fi masa komai, kuma jinkirin mako biyu na iya yi masa ɓarnar da ta fi ragin kuɗin.

Daga nan ka ɗauko fayil ka yi lissafin da kanka, kada ka dogara da abin da kamfani ya rubuta. Galibin yarjejeniyoyin inshorar gobara suna ɗauke da sharaɗin da ke cewa idan kuɗin da aka yi wa inshora bai kai darajar kayan a ranar asara ba, to mai kayan ya ɗauki ragowar kason a wuyansa, kamfani kuma zai biya gwargwadon kasonsa ne kawai. Ana raba kuɗin da aka yi wa inshora da darajar kayan, sannan a ninka da asarar. A nan miliyan 20 cikin miliyan 32, idan aka ninka da miliyan 16, ya ba da miliyan 10. Sai aka cire dubu 500, wato kason farko na kowace asara da yarjejeniyar ta ce mai inshora ne zai ɗauka da kansa, ya rage miliyan 9 da rabi. Ke nan lissafin kamfani a kan hanyarsa yake, kuma sharaɗin yana cikin takardar da Alhaji ya karɓa.

Amma lissafi na iya zama daidai alhali adadin da aka shigar cikinsa ba daidai ba ne, kuma a nan ne dillali yake nuna amfaninsa. Da ka bi jadawalin rahoton sai ka ga mai ƙiyasta asara ya ɗauko miliyan 32 ɗin ne daga littafin kayan Alhaji gaba ɗaya, wanda ya haɗa da diloli na miliyan 7 da ke ajiye a wani sito daban a wata unguwa. Yarjejeniyar kuwa shago ɗaya ta ambata da lambarsa, ba ta san da siton ba, kuma da a siton gobarar ta tashi kamfani ba zai biya ko kwabo ba. Kayan da inshora ba ta rufe ba bai kamata a ƙirga su cikin darajar kayan da ke ƙarƙashinta ba. Idan aka cire su darajar ta koma miliyan 25, lissafin ya ba da miliyan 12 da dubu 800, bayan cire dubu 500 ya zama miliyan 12 da dubu 300. Bambancin da tayin farko miliyan 2 da dubu 800 ne.

Na tsaya a kan wannan lissafi ne domin a ganina natsuwar murya daga nan take samuwa. Dillalin da bai karanta fayil ba ba shi da abin faɗa sai lallashi, kuma mai fushi yana gane lallashin da ba komai a bayansa. Wanda ya karanta kuwa yana shiga maganar da abubuwa biyu a hannu, labari mara daɗi da ya zama dole ya faɗa, cewa miliyan 16 ba za ta samu ba, da kuma wurin da zai iya tsayawa ya yi jayayya da hujja.

Kira, ko zuwa da ƙafa

Ka kira a lokacin da ka ce za ka kira, ko da ba ka gama komai ba. Idan asarar babba ce kuma kuna gari ɗaya, zuwa da ƙafa ya fi, amma ka nemi a zauna a gida ko a ofis. A bakin shago, gaban yaransa da maƙwabtansa na kasuwa, mutum ba zai iya sassautowa ba ko da yana so, domin idon jama'a na kansa.

Ka fara da gaisuwa da jaje yadda aka saba, ko da ka riga ka yi masa jaje tun ranar gobarar: "Alhaji, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri." Daga nan ka bar shi ya yi magana har ya ƙare, ba tare da ka katse shi don gyara wani adadi ko wata rana ba. Zai faɗi abubuwan da ba daidai ba, ka rubuta su ka ajiye. Idan ya numfasa, ka maimaita masa ƙorafinsa da kalmominka don ya ji cewa ka ji: "Idan na fahimce ka, abin da ya fi ƙona maka rai shi ne ka biya kuɗin inshorar miliyan ashirin, asararka ba ta ma kai haka ba, amma aka ce za a ba ka tara da rabi, kuma ba wanda ya zauna ya yi maka bayani." Sau da yawa a nan muryar mutum take sauka, don ya daina jin cewa sai ya ɗaga ta kafin a saurare shi.

Akwai kalmar da nake so a yi hattara da ita, wato haƙuri. A wajen jaje wurinta ne, kuma rashin faɗinta rashin ladabi ne. Amma idan aka shiga maganar kuɗi, "ka yi haƙuri" takan sauya ma'ana a kunnen mai neman diyya, ya ji kamar ana ce masa ya bar haƙƙinsa ya tafi. Haka nan tuna masa ƙaddara a daidai lokacin da yake tambayar lissafi. Alhaji ya san gobara ƙaddara ce, ya kuma yarda da ita, abin da yake tambaya shi ne aikin mutane, kuma amsa masa da wa'azi zai sa ya ga kana fakewa da addini don kauce wa tambayarsa. Ka faɗi haƙuri sau ɗaya a wurinsa, sannan ka koma kan alƙaluma.

Wajen bayanin sharaɗin, ka yi amfani da abin da ya sani. Ni nakan ce: a ɗauka kayan shagon kashi biyar ne, kai ka biya wa kashi huɗu inshora, kashi ɗaya kuma ya zauna a hannunka kamar kai ne kamfaninsa. Idan wuta ta ci wani sashe, ba za a iya cewa ta zaɓi na kamfani ta bar naka ba, don haka kowa zai ɗauki asara gwargwadon kasonsa, kamar yadda abokan tarayya a kasuwanci suke raba riba da faɗuwa daidai da jarin kowa. Ɗan kasuwa yana gane wannan nan take, ko da bai ji daɗinsa ba. Kada ka ce masa "ai yana cikin takardar da ka sa wa hannu," domin ko gaskiya ce, abin da zai ji shi ne kana ce masa laifinsa ne da bai karanta ba.

Idan zagi ya ci gaba bayan duk wannan, kana da damar tsayar da maganar cikin mutunci. Ka ce: "Alhaji, ina son mu ƙarasa wannan magana don akwai abin da na gano wanda zai amfane ka, amma a haka ba za mu fahimci juna ba. Bari in rubuto maka komai yau, mu sake magana gobe bayan la'asar." Sannan ka yi sallama yadda ta dace. Wannan ya fi kashe waya a kunnensa, ya kuma fi zama kana shan zagi har kai ma ka fashe.

Takardar da za ta biyo baya

Duk abin da aka faɗa da baki a sa shi a rubuce a ranar, domin bayan mako guda kowa zai tuna hirar yadda ta yi masa daɗi. Idan Alhaji ya fi sakewa da Hausa, ka rubuta masa da Hausa, ka haɗa da kwafin shafin yarjejeniyar da ka ja wa layi. Tsarin da na ga ya fi aiki shi ne a fara da matsayin da ake ciki, a bi da abin da ba zai sauya ba, sai abin da ake jayayya a kai, sai abin da ake buƙata daga gare shi, a rufe da rana. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne don in tabbatar da abin da muka tattauna yau game da neman diyyar gobarar shagonka.

"Kamfani ya amince cewa gobarar tana cikin abin da inshorarka ta rufe, kuma ya amince asarar ta kai naira miliyan 16. Saɓanin yana kan adadin da za a biya ne kawai. Sun yi tayin miliyan 9 da dubu 500, bisa sharaɗin da ke rage diyya idan darajar kaya ta wuce kuɗin da aka yi wa inshora. Na duba yarjejeniyarka na ga sharaɗin yana ciki, saboda haka gaskiyar da zan gaya maka ita ce ba na ganin za a samu miliyan 16 cikakkiya.

"Sai dai ban yarda da darajar miliyan 32 da aka yi lissafi da ita ba, domin ta haɗa da kayan miliyan 7 da ke sitonka, wanda ba ya cikin wannan yarjejeniya. Idan aka cire su, a lissafina diyyar za ta kai miliyan 12 da dubu 300. Wannan shi ne abin da zan nema, amma hukuncin yana hannun kamfani, don haka ba zan yi maka alkawarin adadi ba sai sun amsa a rubuce.

"Don in kafa hujja ina buƙatar rasit na hayar siton, da littafin da yaranka suke rubuta kayan da ke shiga da fita daga can, da takardun sayen dilolin da ke ajiye a wurin. Idan na same su ranar Laraba, zan miƙa wa kamfani takardar ƙorafi ranar Alhamis, in turo maka kwafinta. Zan kira ka ranar Litinin mai zuwa in gaya maka inda aka kwana, ko sun amsa ko ba su amsa ba."

Ka lura cewa labari mara daɗi yana sakin layi na biyu, ba a ɓoye shi a ƙarshe ba. Mutumin da ya karanta shafi guda na kalamai masu daɗi sannan ya ci karo da ragin kuɗi a layin ƙarshe zai ji an yi masa wayo. Ka lura kuma da "ko sun amsa ko ba su amsa ba." Ranar da ka sa ta zama ta abin da kai za ka yi, wanda yake hannunka. Kada ka ɗaure kanka da ranar da kamfani zai biya, kuma kada ka ambaci wa'adin doka daga ka, domin a shekarar 2025 an kafa sabuwar dokar inshora a Najeriya wadda ta maye gurbin ta 2003, saboda haka duk wa'adin da za ka rubuta ka duba shi a dokar da ke aiki tukuna.

Kafin ka tura, ka karanta takardar da ƙarfi sau ɗaya kana neman jimlolin da ka rubuta don wanke kanka. Suna da alamomi da ake gane su: "kamar yadda na sha gaya maka," "da ka bi shawarata," "ba laifina ba ne," "kowa ya san haka ake yi." Duk inda ka ga irinsu ka goge, ko da gaskiya ne. Ka cire kalmomin da ke siffanta halin mutum, kamar cewa ya fusata ko ya kasa fahimta, ka bar waɗanda ke siffanta takarda da adadi. Ka cire duk wata suka ga kamfani ko mai ƙiyasta asara da ta wuce abin da za ka iya nunawa a rahoto, domin Alhaji zai iya tura saƙonka gare su kai tsaye, kuma gobe da su za ka zauna neman a gyara lissafi. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in tambayi kaina ko zan iya tsayawa a kan kowace jimla idan aka karanta ta a gaban kamfani, ko hukuma, ko alƙali. Idan da hali, ka ba wani abokin aiki da bai ji saƙon muryar ba ya karanta, domin shi zai ga ƙaiƙayin da kai ba ka gani.

Idan zargin a kanka yake

Tambayar Alhaji ta biyu, cewa me ya sa ba a gaya masa ba, ita ce ta fi haɗari ga dillali, domin tana taɓa aikinsa kai tsaye. Bayyana wa mai inshora haɗarin ƙarancin kuɗin inshora, da tuna masa ya ƙara idan kaya sun ƙaru ko farashi ya hau, yana cikin abin da ake sa ran dillali ya yi. Kada ka musanta da zafi, kuma kada ka amsa laifi don kawai ka kwantar masa da hankali. Ka ce za ka duba abin da ke rubuce tsakaninku lokacin sabunta yarjejeniyar, ka kuma duba da gaske. Idan ka samu takardar da ka ba shi shawarar ya ƙara kuɗin, ka turo masa kwafinta da jimla ɗaya mai nuna ranarta, ba tare da wani sharhi na cin nasara ba. Idan ba ka samu komai ba, kuma akwai yiwuwar sakaci daga ofishinka, ka kai maganar ga shugabanka nan take, a sanar da kamfanin da ya yi muku inshorar kuskuren aiki kafin a rubuta wani abu da zai zama amsa laifi, domin irin wannan inshora takan hana amsa alhaki ba da saninsu ba. A halin nan abin da za ka gaya wa Alhaji shi ne an ɗauki ƙorafinsa a kanka a matsayin ƙorafi na daban, wani babba a ofis zai duba shi, kuma za a ba shi amsa a rana kaza. Neman afuwa kan abin da ya tabbata, kamar jinkirin kira ko rashin turo rahoto a kan lokaci, wannan ka yi shi kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba.

Barazanar kai ƙara kuwa kada ka ɗauke ta a matsayin faɗa, haƙƙinsa ne. Ka gaya masa da bakinka cewa idan amsar kamfani ba ta gamsar da shi ba, yana iya kai ƙorafi ga hukumar da ke kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, idan kuma ƙorafin a kan dillali ne akwai majalisar dillalan inshora masu rajista, NCRIB, kuma ƙofar lauya a buɗe take. Ka ƙara da cewa za ka ba shi kwafin duk takardun da zai buƙata. Mutumin da aka nuna wa hanyar ƙara yakan daina amfani da ita a matsayin sanda, domin ya ga ba a tsoronta. Ka kuma duba ko yarjejeniyar ta tanadi sasanci ta hannun mai shiga tsakani idan saɓanin kan adadi ne, da ko ta sa wa'adin ɗaukar mataki bayan kamfani ya ba da matsayinsa, don kada lokaci ya ƙwace masa yana jira.

Saura maganar takardar sallama, wadda kamfani ke turowa tare da tayi don mai inshora ya sa hannu cewa ya karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya. Mutumin da masu bashi suka matsa wa zai iya sa hannu cikin fushi yana cewa a ba shi abin da ya samu, daga baya ya dawo neman ragowar, alhali ya rufe ƙofar da hannunsa. Ka bayyana masa wannan a fili, sannan ka rubuta wa kamfani ka nemi su biya miliyan 9 da rabi ɗin da ba a jayayya a kansa a matsayin biyan wucin gadi, a ci gaba da magana kan ragowar. Ba lallai su yarda ba, kuma ka gaya masa haka, amma idan suka yarda ka sauke masa nauyin da ya fi damunsa tun a saƙonsa na farko.

Za ka gane ko amsarka ta yi aiki daga abin da ya dawo maka da shi. Idan saƙonsa na gaba yana tambayar wane rasit kake nufi, ko yana gardama kan miliyan 7 ɗin sito, to an koma kan magana, ko da har yanzu muryarsa da kaushi. Idan ya maimaita ƙorafin farko kalma da kalma, akwai tambayar da ba ka amsa ba, sai ka koma kan jerin da ka rubuta da safe ka nemo ta. Idan kuwa ya yi shiru gaba ɗaya, kada ka ɗauka ya huce, domin mai yiwuwa ya tafi neman shawara a wani wuri ne, kuma wannan ba laifi ba ne. Ranar Litinin ɗin da ka ambata ka kira shi kamar yadda ka ce, ka gaya masa ranar da takardar ƙorafin ta isa kamfani da sashen da ya karɓe ta, ka sa wata ranar kira, sannan ka rubuta a fayil abin da kuka faɗa da lokacin da kuka faɗe shi.